Riba Ɗaya, Lissafi Biyu: Darasi Daga Tiren Kayan Kwalliya

Filin karatu na wannan mako zai fara ne da tambaya, kuma ina roƙon kowa ya tsaya ya yi tunani kafin ya karanta amsar.

Mu ce wata mata a Batsari ta saro dozin ɗaya na hoda a kan naira 6,000. Dozin guda 12 ne, ke nan kowace hoda ta zo mata a naira 500. Tana sayar da kowace ɗaya naira 750. Da aka tambaye ta, sai ta ce ribarta kashi 50 cikin 100 ce. Ƙawarta a Safana ita ma ta saro irin wannan hodar a naira 500, tana sayarwa naira 750, amma ita ta ce ribarta kashi 33 ce da 'yan kai cikin 100. Wace ce ba ta iya lissafi ba a cikinsu?

Duk su biyun sun iya. Kowaccensu naira 250 take samu a kan hoda guda, babu wadda ta fi wata ko da kwabo. Inda suka rabu shi ne abin da kowacce ta auna wannan 250 ɗin da shi. Ta Batsari ta auna ta da kuɗin da ta fitar ta saro, wato 500, ta ga 250 rabin 500 ce, shi ya sa ta ce kashi 50. Ta Safana ta auna ta da kuɗin da mai saye ya miƙo mata, wato 750, ta ga 250 kashi ɗaya ce cikin uku na 750, shi ya sa ta ce kashi 33 da 'yan kai.

A littattafanmu na darasin Kasuwanci, da yake da Turanci aka rubuta su, ana ce wa lissafin farko makof, na biyun kuma majin. Ni a nan zan kira na farko ɗori, saboda abin da aka ɗora ne a kan kuɗin sari. Na biyun zan kira shi kason riba, saboda shi ke nuna kason da yake riba a cikin cinikin da aka yi. Ga yadda ake fitar da su:

Ɗori = riba ÷ kuɗin sari × 100

Kason riba = riba ÷ kuɗin sayarwa × 100

Ku lura, abin da ke sama iri ɗaya ne, na ƙasa ne kawai ya sauya. Malaminmu na Lissafi yakan ce duk wanda ya ce maka kashi kaza cikin ɗari, ka tambaye shi: na mene ne? Wannan ita ce tambayar darasin nan gaba ɗaya. Kuma tun da kuɗin sayarwa ya fi kuɗin sari yawa matuƙar ana cin riba, kason riba kullum zai fito ƙasa da ɗori. Idan ka yi lissafi ka ga kason riba ya fi ɗori, to ka sake dubawa, ka juya su ne.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, tun da 250 ɗin ba ta sauya ba? Damuwar tana zuwa ne ranar da aka ɗauki lambar ɗori aka yi aiki da ita a kan kuɗin ciniki. Domin mu ga yadda hakan ke faruwa, sai mu bi katan guda na man shafawa tun daga shagon sari har ya ƙare. Farashin da zan yi amfani da su na misali ne, na zaɓe su ne don su rabu ba tare da wahala ba. Wanda gidansu ake wannan sana'a sai ya sa farashin yau a madadinsu, hanyar lissafin ba za ta sauya ba.

Nawa kwalba ɗaya ta zo?

Bari mu kira mai sana'ar tamu Yaya. Tana zaune a Batsari, tana sayar da kayan kwalliya a cikin gida, su man shafawa, hoda, jan baki, kwalli, jagira da turare. Ranar Alhamis, da yake ita ce ranar kasuwar Batsari, ƙanenta yakan kai wasu kayan kasuwa. Sari kuwa a babbar kasuwar Katsina ake yi mata, kamar yadda wasu masu jari mai kauri ke wucewa har kasuwar Sabon Gari a Kano.

Da sanyi ya kusa, lokacin da fata ke bushewa kowa na neman mai, sai ta sa aka saro mata katan guda na man shafawa. A cikin katan ɗin akwai dozin huɗu, wato kwalba 48, a kan naira 33,600. Idan aka raba 33,600 gida 48, kowace kwalba ta kama naira 700. Wannan ita ce lambar da ke zama a kan mutane, domin ita mai shago ya faɗa.

Amma katan ba ya tashi da kansa daga Katsina ya sauka Batsari. An biya ɗan dako daga shago zuwa tasha, an biya kuɗin kaya a mota, ga kuma kuɗin motar wanda ya je sarin. Da yake ba man kaɗai ya saro ba, ba za a ɗora wa katan ɗin dukan kuɗin motar ba, sai rabonsa. Mu ce rabonsa duka ya kama naira 2,400. Wanda yake Safana shi ma haka zai yi, ko ta Dutsin-Ma kayansa suka biyo ko ta wata hanya, sai ya sa abin da shi ya biya. Yanzu kuɗin da katan ya ci ya zama 33,600 a tara da 2,400, wato naira 36,000. A raba gida 48, kwalba ta koma naira 750.

Ba a gama ba. Da aka buɗe katan a gida, sai aka tarar kwalba biyu sun fashe a hanya, man ya zube. Ɗaya kuma Yaya ta buɗe ta ajiye don masu saye su shinshina su ɗan shafa a bayan hannu, domin mata ba sa yarda su sayi man da ba su ji ƙamshinsa ba. Waɗannan ukun an biya kuɗinsu amma ba za su kawo ko sisi ba. Saura 45, kuma su ne za su ɗauki nauyin naira 36,000 ɗin nan gaba ɗaya. A raba 36,000 gida 45, ya ba da naira 800.

Ke nan kwalba ɗaya tana da farashi uku: 700 a bakin mai shago, 750 a ƙofar gida, 800 a kan tire. Na ƙarshen shi ne ainihin kuɗin sari, kuma da shi za a yi kowane lissafi daga yanzu.

Yaya ta sa kowace kwalba naira 1,000. Da a ce da 700 ta yi lissafi, za ta ɗauka tana cin 300, ta ce ɗorinta ya kai wajen kashi 43. Gaskiyar magana ribarta 200 ce. Ɗorinta shi ne 200 a raba da 800, wato kashi ɗaya cikin huɗu, kashi 25 cikin 100. Kason ribarta kuma 200 a raba da 1,000, wato kashi ɗaya cikin biyar, kashi 20 cikin 100.

A duba katan ɗin gaba ɗaya ma haka za a gani. Kwalba 45 a kan naira 1,000 sun kawo cinikin naira 45,000. A cire 36,000, riba ta zama 9,000. Wannan 9,000 ɗin kwata ce ta 36,000, kuma kashi ɗaya cikin biyar ce ta 45,000. Ku riƙe lambobin nan biyu, 25 da 20, da su za mu yi sauran tafiyar.

Kuɗin da ke cikin gwangwani

Yawancin masu sana'a a gida suna da wani gwangwani ko jaka da suke jefa kuɗin ciniki. Kuɗin da ke ciki a cakuɗe suke, uwar kuɗi da riba, kuma babu wata takardar naira da aka rubuta wa suna. Da yamma sai Yaya ta ƙirga, ta cire abin da take ganin riba ne, ta yi zubin adashi da shi ko ta sayi sabulun wanki.

Mu ce ranar wata Alhamis an sayar da kwalba 12, ciniki ya kama naira 12,000. Yaya ta tuna cewa kwata ta ɗora a kan kayan, sai ta cire kwatan kuɗin da ke gabanta, wato naira 3,000. A ido, babu laifi a nan. Amma mu ƙirga da hannu: kwalba 12, kowacce da ribar 200, ya ba da 2,400. Ta cire 3,000 a inda ribar 2,400 ce, ke nan naira 600 daga jikin jarinta ta fito, ba ta sani ba. Ta ɗauki lambar ɗori, wadda aka auna da kuɗin sari, ta yanka kuɗin ciniki da ita. Abin da ya kamata ta cire shi ne kashi ɗaya cikin biyar na 12,000, kuma shi ne 2,400 ɗin.

Naira 600 ba za ta sa a ji komai a rana guda ba, shi ya sa wannan kuskure yake daɗewa ba a gano shi ba. Sai katan ya ƙare ake gani. Kwatan 45,000 shi ne 11,250. Idan ta cire wannan, abin da ya rage a gwangwani 33,750 ne, alhali 36,000 take buƙata kafin wani katan ya iso gida. Kuɗin za su iya biyan mai shago 33,600 ɗinsa, sai canjin naira 150 ya rage, ba kuɗin dako ba kuɗin mota. Giɓin naira 2,250 ne. A nan ne za ka ji ana cewa kasuwa ba ta da albarka, ko a fara zargin yaron da ke kai kaya kasuwa, alhali yaron bai taɓa ko kwabo ba.

Alamar da za a gane wannan ciwo ita ce: kaya suna tafiya, babu wanda ya ci bashi, amma duk zuwa sari sai an rage yawan abin da ake ɗaukowa ko an yi ciko daga wani wuri. Wanda ya ga haka a gidansu, ya tambaya a hankali, cikin ladabi, yadda ake cire riba daga ciniki.

Akwai wata hanyar ganin kason riba da ta fi burge ni, domin ba ta buƙatar biro. A jera kwalaben nan 45 a kan tabarma. Kafin naira 36,000 ta dawo, sai an sayar da 36 daga ciki. Tara na ƙarshe su ne riba. Tara cikin 45 kuwa ɗaya ce cikin biyar, kason ribar nan dai da muka samu. Wato a kowace kwalba biyar, huɗu na mai shago ne da direba da ɗan dako, ɗaya ce kawai ta Yaya. Don haka idan maƙwabta suka karɓi kwalba biyar bashi har katan ya ƙare ba su biya ba, ba za a ce ai biyar ne kawai cikin 45 ba. Biyar ne cikin tara. Ribar da ke hannu ta sauko daga 9,000 zuwa 4,000.

Ragi

A kasuwarmu ba a sayen abu ba tayi. Mai saye zai taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a sallama. Saboda haka dole mai kaya ya san iyakar inda zai iya saukowa tun kafin a fara.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, man shafawa ya rage tafiya. Mu ɗauka Yaya tana da wani katan irin wancan da ba a taɓa ba, tana son ta rabu da shi ta sayo turare da hoda saboda Sallah. Ta ce a ranta: kashi 25 na ɗora, bari in rage kashi 25, in mayar da uwar kuɗina kawai. Kashi 25 na 1,000 shi ne 250, farashi ya koma 750. Kwalbar kuwa a 800 ta zo. Kowace ɗaya ta faɗi da naira 50, a katan gaba ɗaya naira 2,250.

Me ya sa hawa da kashi 25 da sauka da kashi 25 ba su dawo da ita inda ta taso ba? Domin lokacin hawa kwatan 800 aka ƙara, lokacin sauka kuma kwatan 1,000 aka cire, kuma kwatan 1,000 ya fi kwatan 800. Ragi a kan kuɗin sayarwa ake yin sa, saboda haka da kason riba ake gwada shi. Iyakar ragin da Yaya za ta iya yi ba ta taɓa jari ba shi ne kashi 20, wato ta sayar a 800, ba riba ba faɗuwa.

Ko ƙaramin ragi ma yana da nauyin da ba a zato. Mai saye ta ce, haba Yaya, ki bar mini a 900 mana, naira 100 ce fa. A wurin mai saye kashi 10 ne kawai aka rage. A wurin Yaya kuwa ribar 200 ce ta koma 100, rabi ya tafi. Idan kowa ya saya a 900, sai ta sayar da katan biyu kafin ta samu abin da katan ɗaya ke ba ta a da. Ban ce kada a yi ragi ba. Wadda za ta ɗauki dozin guda a lokaci ɗaya don haɗa lefe ta cancanci a sauko mata, domin kuɗi za su dawo da wuri a sake juya su. A ganina dai gara a san abin da aka bayar, da a bayar a makance.

La'ada ma haka take. Idan Yaya ta ba dillaliya kayan ta zaga da su gidaje a kan za ta ɗauki kashi 10 na duk abin da ta sayar, wannan kashi 10 ɗin daga 1,000 za a cire shi, naira 100 ke nan a kowace kwalba. Wanda ke tunani da ɗori zai ce 25 a cire 10 saura 15. Ba haka ba ne. Daga 20 ake cirewa, saura 10, kuma 10 ɗin nan ita ce naira 100 da ta rage wa Yaya. Ita da ta zuba jari da dillaliyar da ta zaga sun raba ribar daidai wa daida. Idan sun yarda da hakan, to madalla, amma ya kamata su san cewa abin da suka yarda da shi ke nan.

Yadda ake juya ɗaya ya koma ɗayan

Ga wata dabara da ke aiki ko babu na'urar lissafi. A rubuta ɗori a matsayin ɓangare, sama da ƙasa. A bar na sama yadda yake, a tara na sama da na ƙasa su zama sabon na ƙasa. Abin da ya fito shi ne kason riba.

Ɗori 1/4, kason riba 1/5. Wannan shi ne man Yaya.

Ɗori 1/2, kason riba 1/3. Wannan ita ce hodar matan nan biyu.

Ɗori 1/1, kason riba 1/2. Wannan shi ne ninki.

Dalilin dabarar ba boyayye ba ne. Idan ɗori 1/4 ne, an kasa kuɗin sari kashi huɗu, an ƙaro kashi ɗaya irinsu a kai. Kuɗin sayarwa ya zama kashi biyar, ɗaya daga ciki riba. Tana aiki ko na sama ba 1 ba ne: ɗorin 2/5 yana ba da kason riba 2/7.

Ku dubi na ninki da kyau. Idan aka saro dozin na jagira naira 1,200, kowace ta zo a 100, aka sayar 200, mai kaya zai ce ya ci riba ɗari bisa ɗari. Gaskiya ne, a lissafin ɗori. Amma rabin kuɗin da ya karɓa ne kawai riba. Ɗori yana iya wuce kashi 100, ya kai 200 ko 300. Kason riba kuwa ba zai kai 100 ba, sai dai in kyauta aka ba ka kayan.

Yanzu a juya ta baya. Mu ce Yaya ta gaji da ɗaya cikin biyar, tana son a kowace naira 100 da ta shigo gwangwani, 25 ta zama riba. Idan ta ɗora kashi 25 a kan 800, mun riga mun ga inda za ta sauka: 1,000, da kason riba 20. Ba ta kai ba. Abin da za ta yi shi ne ta ce: in kwata riba ce, to kashi uku cikin huɗu na farashin shi ne 800 ɗina. A raba 800 gida uku, kowane kashi ya kama wajen 267. Kashi huɗu ke nan wajen naira 1,067. Da dabarar ɓangare ma haka ne, sai dai a nan cirewa ake yi maimakon tarawa: kason riba 1/4 yana buƙatar ɗori 1/3.

Babu mai sayar da abu naira 1,067, ina za a samo canji? Dole ta zaɓi 1,050 ko 1,100. A 1,050 ribar 250 ce, kason riba ya kusa kashi 24. A 1,100 ribar 300 ce, kason riba kashi 27 da 'yan kai. A nan lissafi ya gama nasa aikin, saura na kasuwa. Idan ɗan koli a bakin tasha yana sayar da irin man nan a 1,000, ba lallai mata su yarda su biya 1,100 ba, sai dai ko don sauƙin saye a cikin gida. Lissafi yana gaya maka abin da kowane farashi zai bar maka ne, ba ya tilasta wa mai saye ya saya.

Abubuwa biyu da lambobin nan ba sa faɗa

Na farko, kashi cikin ɗari ba ya shiga aljihu, naira ce ke shiga. Jagirar nan mai ɗorin kashi 100 naira 100 take bari. Kwalbar turare da ta zo a 4,000 aka sayar 4,600 ɗorinta kashi 15 ne kacal, kason ribarta wajen kashi 13, amma ta bar naira 600, daidai da jagira shida. Sai dai kuma ta riƙe jarin naira 4,000, wanda zai sayi jagira 40. Wanne ya fi, ya danganta da wanda ya fi saurin tafiya. Kayan da ya kwana wata huɗu a kan tire, ko nawa aka ɗora masa, bai kawo komai ba tukuna. Kayan kwalliya kuma ba sa son jira: jan baki yana narkewa da zafin Afrilu, hoda tana farfashewa in ta faɗi, mai yana da ranar lalacewa a jikin kwalba. Duk wanda ya lalace sai a cire shi daga ƙirga kamar yadda muka cire kwalba ukun nan, kuɗin sarin sauran ya ƙara hawa. Shi ya sa mai sari ya kamata ya duba ranar lalacewa da lambar hukumar NAFDAC tun a shago, kafin ya biya.

Na biyu ya fi ciwo. Duk lissafinmu mun yi shi ne da farashin jiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kowa ya ga yadda kuɗin mota da na kaya suka riƙa hawa. Mu ce Yaya ta yi komai daidai, ta cire 9,000 ɗinta, ta aika da 36,000 Katsina. Aka je aka tarar katan ya koma 37,600, dako da mota sun koma 2,900. Jimla naira 40,500. Ta yi giɓin 4,500 ba tare da ta yi kuskuren lissafi ba. Idan tana son sana'ar ta tsaya yadda take, rabin ribar da ta cire dole ya koma cikin jari. Sabuwar kwalba kuma, idan 45 suka sake tsira, ta zo a 900. Ta bar farashi a 1,000, kason ribarta ya faɗo zuwa kashi 10. Tana son ɗorin kwata irin na da, sai ta sayar 1,125. Masu sana'a da suka daɗe, da zarar sun ji ta waya cewa sari ya tashi, sukan gyara farashin sauran kayan da ke tire tun kafin su ƙare, su yi lissafi da kuɗin da za su sake sarowa. Masu saye sukan ji haushin haka, su ce ai tsohon kaya ne. Ni ma nakan ji haushin in an aike ni, amma lambobin da ke sama sun nuna dalilinsu.

Aikin wannan mako

Wani ɗan koli a Safana ya saro dozin biyu na jan baki a kan naira 9,600. Kuɗin mota da ya faɗa kansu naira 900 ne. Guda uku sun narke a hanya. Yana sayar da kowane ɗaya naira 700. Nawa kowane jan baki ya zo masa? Nawa ne ɗorinsa, nawa ne kason ribarsa? Guda nawa zai sayar kafin uwar kuɗinsa ta dawo? Sannan wata mai haɗa lefe ta ce za ta kwashe duka in zai rage mata kashi 30 cikin 100. Ya sallama ko ya ce albarka?

A rubuta amsa tare da yadda aka yi lissafin, a sa aji, a miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin tashi ranar Laraba. 'Yan babbar sakandare ma an yarda su shiga, amma ban da na'urar lissafi.